Wasan ido rufe sau dubu: yadda kwamfuta ta koyi zaɓen taku a wasan Go

A watan Mayun 1997 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan ces, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai. Mutane da yawa suka ɗauka an gama, duk wani wasan allo ya faɗa hannun na'ura. Amma a ƙasashen Sin da Japan da Koriya akwai wani tsohon wasa da ya ƙi miƙa wuya. Mutanen Sin na kiransa weiqi, Koriyawa su ce baduk, sauran duniya kuma ta ari sunansa daga Japan tana cewa Go. Shekaru bayan faɗuwar Kasparov, yaron da ya ɗan jima yana koyon Go yana iya lallasa manhajar da ta fi kowace ƙarfi. Abin da ya sauya wannan labari wata dabara ce da ke kama da wauta a jin farko: in ka rasa sanin wanda ke kan gaba, ka ƙarasa wasan ido rufe, ka maimaita sau dubbai, sannan ka ƙirga sau nawa kowa ya ci.

Kafin mu shiga cikinta, sai mun ga inda gizo ke saƙar.

Kwamfutar ces tana aiki da abu biyu. Tana hango gaba: in na yi wannan, zai yi wancan, sai in yi kaza, har zuwa wani zurfi. Idan ta kai inda za ta tsaya, sai ta ɗora allon a sikeli. Sikelin ces kuwa sananne ne: ƙaramin soja maki 1, doki 3, hasumiya 5, sarauniya 9, a haɗa da wasu 'yan ƙarin maki na tsaron sarki da makamantansu. Awon bai cika daidai ba, amma ya isa ya nuna inda rinjaye yake. Ko a darar da ake yi a gindin bishiya haka abin yake, mai wucewa kan leƙa ya ga wanda 'ya'yansa suka fi yawa a ramuka, ya yi hasashen wanda zai tashi da nasara.

Go ba shi da wannan sikeli. Allonsa layi 19 ne a tsaye, 19 a kwance, mahaɗa 361. Ɗaya na ajiye baƙin dutse, ɗaya fari, bi da bi, kuma dutsen da aka ajiye ba ya motsi. Burin kowa ya kewaye fili fiye da abokin karawarsa. Duwatsu masu launi ɗaya da suka jingina da juna sun zama rukuni, kuma rukuni na rayuwa ne muddin akwai mahaɗar da babu kowa a gefensa, wadda za mu kira kafar numfashi. In aka toshe kafofin duka, sai a kwashe rukunin. Duk duwatsun iri ɗaya ne, babu sarki babu bawa. Dutse guda na iya zama ginshiƙin da ke riƙe da rabin allo, maƙwabcinsa kuma ya zama ba shi da amfanin komai. Rukuni mai duwatsu ashirin na iya kasancewa matacce tun tuni alhali yana nan zaune a kan allo, ba a kwashe shi ba tukuna. Ƙirga duwatsu a tsakiyar wasa ba ya gaya maka komai. Ga kuma yawan zaɓi: mai wasan ces na da kamar taku 35 a gabansa a kowane lokaci, mai Go kuwa kamar 250. To hangen ba ya nisa, kuma inda ya tsaya babu abin awo.

Sai dai akwai wuri guda da awon Go ke da sauƙi ƙwarai, shi ne ƙarshen wasa. Idan allo ya cika, kowane fili ya san mai shi, ƙirga kawai za a yi. Dabarar da muke magana a kai ta ginu ne a kan wannan: tunda tsakiya ta gagara auna, a ruga zuwa ƙarshe ta hanya mafi arha.

Tunanin ya girmi kwamfutocin wasa. A 1946 masanin lissafi Stanislaw Ulam yana jinya, yana rage lokaci da wasan karta na mutum ɗaya, sai ya so sanin sau nawa wasan ke ɓullewa. Lissafin ya yi masa tsauri, sai ya ga ai ya fi sauƙi a buga wasan sau da yawa a ƙirga. Shi da abokan aikinsa a Los Alamos suka mayar da wannan hanyar bincike, aka raɗa mata sunan Monte Carlo, unguwar nan ta gidan caca a Monako. Bruce Abramson ya gwada ta a wasannin allo a ƙarshen shekarun 1980, Bernd Brügmann kuma ya gwada ta a Go a 1993 da manhajarsa Gobble.

Ga yadda wasan gwaji ɗaya yake. Kwamfuta ta ɗauki allon yadda yake yanzu, ta jefa baƙin dutse a duk inda ƙuri'a ta faɗa cikin wuraren da doka ta yarda, ta jefa fari haka nan, ta ci gaba har wuri ya ƙare, ta ƙirga. Ƙa'ida guda ce tilas a ƙara mata. A Go, rukunin da ya kewaye ramuka biyu daban-daban a cikinsa, waɗanda 'yan wasa ke kira idanu, ba ya mutuwa, domin abokin gaba ba zai iya cike duka biyun a taku ɗaya ba. Mai wasa ido rufe zai iya tsone idon kansa ya kashe rukuninsa da hannunsa, wasan ya yi ta juyawa ba ƙarshe. Don haka ake hana shi ajiye dutse a cikin idonsa. Da wannan kaɗai wasan gwaji ke ƙarewa da kansa, kuma kwamfuta na iya buga dubbai a cikin daƙiƙa guda.

Wasan gwaji ɗaya shirme ne, ba mai musu. Amma ɓangarorin biyu shirme iri ɗaya suke yi, saboda haka in baƙi ya ci sau 620 cikin 1,000, akwai alamar wani abu a allon yana taimakonsa. Yawan gwaji yana rage rawar da sa'a ke takawa, sai dai a hankali. In wasan ya kusa kunnen doki, gwaji 100 kan bar kuskuren da ya kai kamar kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Kafin kuskuren ya sauko zuwa rabin kashi ɗaya sai an yi gwaji 10,000. Duk lokacin da kake son raba kuskure biyu, sai ka ninka aiki sau huɗu.

Akwai kuma ɓarakar da yawan gwaji ba ya toshewa, kuma ita ce ta hana dabarar yin tasiri shekara da shekaru. Ɗauka na yi wani taku, abokin karawata na da amsoshi goma. Tara daga ciki sun kai shi ga faɗuwa, ɗaya kuwa ta gama da ni. Wasan ido rufe zai zaɓi kowace amsa daidai wa daida, ya dawo mini da albishir cewa takun nan na cin kashi 90 cikin ɗari. Amma wanda ke zaune a gabana idonsa biyu. Amsar nan guda ita zai ɗauka, kuma gaskiyar darajar takun nawa sifili ce. Ko na yi gwaji miliyan, kashi 90 ɗin zan ci gaba da samu, domin tambayar da nake yi ce ba daidai ba: ina tambayar abin da zai faru da wanda ba ya tunani.

Maganin ya zo a 2006. A Faransa, Rémi Coulom ya haɗa wasan gwaji da bishiyar hange a manhajarsa Crazy Stone, shi ne kuma ya ba hanyar sunan da aka san ta da shi, binciken bishiya irin na Monte Carlo. A wannan shekarar Crazy Stone ta ci zinare a ƙaramin allo mai layi 9 a gasar wasannin kwamfuta da aka yi a Turin. A shekarar dai, Levente Kocsis da Csaba Szepesvári a Hangari suka fito da ƙa'idar zaɓen reshe da ake kira UCT.

Bishiyar ba wani abu ba ce illa littafin ajiya. Saiwarta ita ce allon yadda yake yanzu. Kowane taku reshe ne, kowace amsa reshe ce a kan reshe. A kowace gaɓa ana rubuta lamba biyu kacal: sau nawa aka bi ta nan, sau nawa aka ci. Kwamfuta na farawa daga saiwa, ta zaɓi reshe, ta zaɓi na gaba, tana sauka har ta iso inda rubutunta ya ƙare. A nan sai ta buɗe sabuwar gaɓa guda, daga ita ta buga wasan ido rufe zuwa ƙarshe. Sakamakon, ci ko faɗi, sai ta dawo da shi ta hanyar da ta bi, tana ƙara shi a kowace gaɓa har saiwa. Sannan ta sake. Abin lura shi ne, a gaɓar da abokin gaba ne ke da taku, da idonsa ake zaɓe: ana bin reshen da ya fi yi masa daɗi, ba wanda ya fi yi mini ba.

Duk hikimar tana wajen zaɓen reshen nan. In kullum ka bi wanda ya fi ci zuwa yanzu, za ka iya yin watsi da taku mai kyau don kawai ya yi rashin sa'a a gwajinsa uku na farko. In kuma ka raba gwaji daidai, ka ɓata ƙarfinka a kan shara. Masana lissafi sun daɗe da sanin wannan matsala a siffar ɗan caca da ke gaban na'urori da yawa bai san wadda ta fi biya ba, kuma a 2002 Peter Auer da Nicolò Cesa-Bianchi da Paul Fischer suka ba da ƙa'idar UCB1, wadda UCT ta ɗauko ta dasa a kowace gaɓar bishiya:

```
maki = w/n + c * sqrt(ln(N) / n)
```

A nan w shi ne yawan cin da reshen ya yi, n yawan gwajin da aka yi masa, N kuma jimlar gwajin da aka yi a gaɓar da rassan suka fito. Kashin farko sakamako ne tsagwaronsa. Kashi na biyu kyautar uzuri ce: tana da girma ga reshen da ba a gwada sosai ba, tana raguwa yayin da ake gwada shi, tana kuma ɗan ƙaruwa a hankali in an daɗe ana bin 'yan uwansa an bar shi. Lambar c mai rubuta manhaja ne ke saita ta, gwargwadon yadda yake son kwamfutar ta riƙa leƙe-leƙe.

Mu ɗauki misali da c daidai da 1. An yi gwaji 100 a kan taku uku. Na farko an gwada shi sau 60 ya ci 36, wato 0.60. Na biyu sau 30 ya ci 15, wato 0.50. Na uku sau 10 ya ci 4, wato 0.40. In aka buga lissafin, kyautar uzurin na farko 0.28 ce, ta na biyu 0.39, ta na uku 0.68. Jimla ke nan 0.88 da 0.89 da 1.08. Saboda haka gwaji na gaba na uku za a ba, duk da shi ne na baya a sakamako, domin gwaji goma bai isa a yanke masa hukunci ba. A ce an ƙara masa goma, ya sake cin huɗu. Yanzu yana da 8 cikin 20, sakamakonsa bai motsa daga 0.40 ba, amma kyautarsa ta sauko zuwa 0.48, jimla 0.88. Na biyu kuwa ya ɗan haura zuwa 0.90, sai layi ya koma kansa. Haka za a yi ta yi. Reshen da ke ci yana tara gwaji, bishiya na zurfafa a ƙarƙashinsa, wanda ba ya ci kuma ana waiwayarsa jefi-jefi, ba a rufe masa ƙofa gaba ɗaya. In lokaci ya cika, akasarin manhajoji na buga takun da ya fi tara gwaji, ba wanda ya fi kyan kaso ba, domin kashi 70 daga gwaji goma bai kai amincin kashi 58 daga gwaji dubu hamsin ba.

Yanzu mu koma kan tarkon amsoshi goma. Zagayen farko zai taɓa kowace amsa, takun nawa ya fito da kashi 90, ya ja hankali, a yi ta zuba masa gwaji. Wannan zubawar ce ke tona shi. A gaɓar abokin gaba, amsar nan guda tana ci masa kullum, sai makinta ya hau, gwaji ya karkata gare ta, sauran tara su koma samun ɗan abin da kyautar uzuri ta ba su. Kason takun nawa ya fara zamewa daga 90, ya wuce 50, ya ci gaba da sauka, har wani takun ya sha gabansa. Ba wanda ya koya wa kwamfutar cewa akwai tarko a wurin. A ganina wannan ne ainihin abin da aka gano a 2006. Wasan ido rufe ma'auni ne mai rauni, kuma an san shi tun da daɗewa. Sabon abu shi ne hanyar da ke sa ƙarya mai daɗin ji ta jawo wa kanta bincike har ta fashe.

Sakamako bai jima ba. Manhajar MoGo, wadda Sylvain Gelly da Yizao Wang da abokansu suka gina a Faransa, ta ƙara wani gyara: a wasan gwaji, maimakon jifa ko'ina, a fara duba kusa da dutsen da aka ajiye yanzu, in an ga wani sanannen zubi a murabba'in gida uku-uku, a amsa a wurin. A 2008 MoGo ta doke ƙwararren ɗan Koriya Kim Myungwan a babban allo, bayan an ba ta rangwamen duwatsu tara tun farko. A 2013 Crazy Stone ta doke Ishida Yoshio na Japan da rangwamen huɗu kacal. Masu binciken sun kuma ci karo da wani abu mai ɗaure kai: ƙara wa mai wasan gwaji ƙwarewa ba kullum yake ƙara wa manhajar ƙarfi ba, wani lokaci ma rage shi yake. Dalilin shi ne abin da ake buƙata daga wasan gwaji adalci ne. Mai gwajin da ya iya kai hari amma bai iya tsaro ba zai riƙa ba mai hari nasarar da ba tasa ba, kuma kuskuren da ya karkata gefe guda ba ya wankuwa da maimaici.

Inda hanyar ta fi rauni shi ne inda hanya ɗaya tak ce daidai, kuma doguwa ce. Ɗauki tseren numfashi: rukunin baƙi da na fari sun sarƙe, ba mai ido biyu, baƙi na da kafa huɗu, fari na da uku, kuma fari ne da taku. Duk ɗan wasan da ya iya ƙirga ya san baƙi ya ci, domin in fari ya toshe ɗaya baƙi ya toshe ɗaya, baƙi zai riga shi. Sharaɗin shi ne baƙi ya amsa kowane taku ba fashi. Mai wasa ido rufe kuwa sai ya tafi can wata kusurwa ya ajiye dutse, ya bar faɗan. Sai abin da yake tabbas ya fito a lissafi kamar jefa kwabo. Bishiya za ta iya warware faɗa ɗaya irin wannan in shi ne a gabanta. In akwai uku ko huɗu a warwatse a allo, ba ta da zurfin da za ta bi su duka a kowane reshe, sai kimantawarta ta dukan allon ta gurɓace. Wannan ne ma ya sa dabarar a siffarta ta asali ba ta kori tsohuwar hanya daga ces ba: ces cike yake da gajerun tarkuna inda taku ɗaya ke yanke hukunci, ga shi kuma yana da sikeli mai kyau tun asali.

Mai kallon lambobin manhaja yana iya gane lokacin da ta shiga ruɗu. Alama ta farko ita ce kason nasara ya tsaya cak a sama na tsawon taku da yawa, sannan ya rikito lokaci guda. Wannan na nufin kuskuren ya faru tun baya, yanzu ne bishiya ta iso inda ake ganinsa. Wata alamar ita ce a ƙara mata lokaci ta sauya zaɓi, a sake ƙarawa ta sake sauyawa. Akwai kuma halin da ba kuskure ba ne ko da yake yana kama da shi. Tunda ci ko faɗi kawai ake ƙirgawa, ba tazarar maki ba, manhajar da ke gaba takan yi ta sakin ƙananan maki don ta toshe duk wata kafar haɗari, har ta ci da rabin maki. Rabin na zuwa ne daga diyyar da ake ba fari saboda baƙi ne ke fara wasa, maki 6.5 ko 7.5 gwargwadon dokar da ake bi. In kuwa tana baya sosai, sai ta shiga yin takun da ba zai yi aiki ba sai in abokin karawa ya yi kuskuren yara, domin a lissafinta can ne kaɗai sauran nasara ta rage.

An ga wannan a bainar jama'a a Seoul a watan Maris na 2016, lokacin da AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta kara da Lee Sedol. AlphaGo bishiyar nan ce dai, amma an ɗaura mata mataimaka biyu da aka horar da su a kan ɗimbin wasanni: ɗaya na nuna rassan da suka cancanci a duba, ɗaya na kallon allo ya kimanta wanda ke gaba. A kowace sabuwar gaɓa tana haɗa kimantawar nan da sakamakon wasan gwaji mai sauri, rabi da rabi. Ta ci wasa huɗu cikin biyar. A na huɗu, wanda ta faɗi, Lee ya soka farin dutse a tsakiyar duwatsunta a taku na 78, wurin da ba ta sa ran za a taɓa ba. Ta yi kuskure a taku na 79, amma kamar yadda masu ita suka bayyana, kason nasararta bai rikito ba sai wajen taku na 87. Bayan nan ta shiga irin takun nan na wanda ruwa ya ci, har ta sallama.

A 2017 DeepMind ta fito da AlphaGo Zero, wadda ta koyi wasan daga karawa da kanta kawai, ba tare da wasannin mutane ba. A cikinta an cire wasan ido rufe ɗungurungum, domin sikelin da aka rasa shekara da shekaru yanzu ya samu ta hanyar horo. Abin da aka bari shi ne bishiyar da lambobinta biyu a kowace gaɓa, da kyautar uzuri ga reshen da ba a gwada sosai ba, da buga takun da ya fi tara ziyara. Da wannan tsari ta kara da AlphaGo ɗin da ta doke Lee Sedol sau 100, ta cinye duka.